Tallan Facebook da Instagram: A Buɗe Jama'a, A Tara Sha'awa, Ko A Ƙuntata?

Duk wanda ya buɗe Ads Manager, wato shafin shirya tallan Facebook da Instagram, domin ya tallata hajarsa yakan tsaya a akwatin Detailed targeting yana shawara da zuciyarsa, domin a nan ne ake zaɓen mutanen da za a nuna wa tallan bisa abin da suke sha'awa da irin ɗabi'unsu a kan waya. Hankali yakan ce a tace jama'a sosai, kada kuɗi ya tafi a kan waɗanda ba za su saya ba. Amma sau da yawa wannan tacewar ce take sa talla ta tsaya cik, ko kuma ta ci kuɗi tana zagaye a kan mutane ƙalilan har su gaji da ganinta. Wannan rubutu ya kwatanta hanyoyi huɗu na zaɓen jama'a, kuma domin maganar ta tsaya a kan ƙafafunta, za a bi misalin wata mai sayar da leshi da laffaya a Kano, wadda take saro kaya a Kantin Kwari, take kuma so mata su yi mata magana ta WhatsApp idan sun ga tallarta. Kasafinta naira 10,000 ne a rana, wato naira 70,000 a mako. Duk wani adadi na jama'a ko na farashi da zai zo a misalinta ƙaddarawa ce domin lissafi ya fito fili, kowa zai ga nasa adadin a nasa allon.

Ma'aunin da za a yi hukunci da shi

Kafin a kwatanta hanyoyin, dole ne a san yadda Meta, mai Facebook da Instagram, take raba talla, domin ma'aunin duka daga nan ya samo asali. Duk lokacin da wata ta buɗe Facebook ko Instagram aka sami gurbin talla a gabanta, ana yin gwanjo nan take tsakanin masu tallan da suka sa ta cikin jama'arsu. Wanda ya fi zuba kuɗi ba lallai ne ya ci ba, domin ana haɗa abubuwa uku: tayin da mai talla ya yi, da kintacen da na'ura ta yi na yiwuwar wannan mutum ya aikata abin da ake so, da kuma ingancin tallar kanta. Kintacen nan shi ne ƙashin bayan lamarin, kuma na'urar ba ta iya yin sa da kyau sai ta ga sakamako da yawa. Saboda haka kowane rukunin talla, wato Ad set, yakan fara da wani zango na koyo wanda ake gani a shafin Delivery da sunan Learning, kuma ƙa'idar da Meta ta daɗe tana bayarwa ita ce rukunin yana bukatar sakamako kusan 50 a cikin kwana bakwai kafin ya fita daga wannan zango. Idan na'ura ta ga ba za a kai ba, sai rubutun ya koma Learning limited.

Da wannan a zuciya, abubuwa huɗu ne za a duba a kowace hanya. Na farko farashi, kuma farashin da ya dami mai kaya shi ne kuɗin kowace hira da aka fara da mai saye, ko da yake CPM, wato kuɗin nuna talla sau dubu, shi ne yake fara motsi idan matsala ta kunno kai. Na biyu ɗorewa, ma'ana makonni nawa tallar za ta yi tana kawo sakamako kafin jama'ar su ƙare. Na uku sauƙin kafawa da kulawa. Na huɗu kuma haɗari, wanda a nan yana nufin yiwuwar rabon tallar ya durƙushe gaba ɗaya. A wajen lissafin farashi, mai talla a Najeriya ya tuna cewa tun watan Janairun 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tallar Meta, don haka naira 70,000 ɗin mai leshin nan a haƙiƙa naira 75,250 ce za ta fita daga hannunta.

Hanya ta farko: a bar ƙofa a buɗe

A wannan hanya mai talla yana sa wuri da shekaru da jinsi kawai, ya bar akwatin sha'awa babu komai, ko kuma ya yi amfani da Advantage+ audience, wanda Meta ta fito da shi a 2023. A cikin wannan tsari an raba zaɓuɓɓuka gida biyu. Akwai waɗanda na'ura ba ta tsallakewa, kamar wuri da mafi ƙarancin shekaru da harshe da jerin mutanen da aka ce a cire, akwai kuma waɗanda take ɗauka a matsayin shawara kawai, kamar sha'awa da jinsi da iyakar shekaru ta sama, ta fara da su sannan ta wuce su idan ta ga akwai riba a waje.

A ƙaddara mai leshi ta zaɓi mata masu shekara 22 zuwa 45 a Kano da kewaye, akwatin Estimated audience size ya nuna mata kimanin 600,000. Domin ta sami hira 50 a mako, mace ɗaya take bukata a cikin kowace 12,000, kuma na'ura tana da sarari ta bar gwanjo mai tsada ta nemi mai araha, domin idan wannan ta yi tsada akwai wata a bayanta. Shi ya sa CPM yakan fi sauƙi a nan, kuma tallar takan daɗe, domin da kasafin naira 10,000 a rana sai an yi watanni kafin a zagaye wannan taro. Kafawa ba ta da wahala ko kaɗan. Haɗarinta yana wani wuri daban. A kwanakin farko na'ura takan kawo 'yan kallo da masu tambayar farashi su ɓace, kuma idan abin da aka ce ta nema shi ne danna mahaɗi kawai, to masu son dannawa za ta yi ta kawowa har kuɗin ya ƙare. Maganin wannan yana cikin tallar kanta: idan hoton ya nuna leshin a fili, aka rubuta farashinsa da cewa ana kai wa har gida a cikin Kano, wadda ba ta da niyyar saye takan wuce, na'ura kuma ta koya daga waɗanda suka tsaya. A ganina wannan hanya ce mafi dacewa ga yawancin masu ƙaramin kasafi, ko da yake ita ce zuciya ta fi ƙi, domin mutum yana jin kamar ya saki linzami.

Hanya ta biyu: a tara sha'awa a akwati ɗaya

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Idan aka rubuta sha'awa uku ko huɗu a cikin akwati ɗaya, alal misali abin da ya shafi kayan sawa da kwalliya da bukukuwan aure, na'ura tana ɗaukar duk wadda ta dace da ko da ɗaya daga cikinsu. Ƙara sha'awa a akwati ɗaya faɗaɗa jama'a yake yi. Mai leshi za ta iya gani da idonta: idan ta sa sha'awa ɗaya adadin ya nuna 90,000, ta ƙara biyu a gefenta, sai ya haura zuwa 180,000.

Farashin wannan hanya yakan ɗan ɗara na buɗaɗɗiya, ɗorewarta matsakaiciya ce, kuma amfaninta na gaske shi ne tana ba sabon asusu, wanda bai taɓa tara sakamako ba, wurin farawa mai ma'ana. Abin lura shi ne a haɗa sha'awa masu dangantaka da juna, domin idan aka cakuɗa kwalliya da ƙwallon ƙafa da girki a akwati ɗaya an koma buɗaɗɗiyar hanya ba tare da an sani ba, kuma rahoton ba ya nuna wace sha'awa ce ta kawo sakamako. Akwai kuma zaɓin Advantage detailed targeting, wanda yake ba na'ura izinin wuce sha'awar da aka zaɓa, kuma a wasu manufofin talla Meta takan kunna shi da kanta ba tare da bayar da damar kashewa ba. Saboda haka wanda ya ga tallarsa ta yi kyau a kan wata sha'awa kada ya yi saurin yanke hukuncin cewa sha'awar ce ta yi aikin.

Hanya ta uku: ƙuntatawa hawa-hawa

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan hankali, ita ce kuma ta fi kashe talla, don haka za a daɗe a kanta. A ƙarƙashin akwatin sha'awa akwai maɓallin da a da ake kira Narrow audience, wanda a sababbin alluna yakan fito da sunan Define further. Idan aka danna shi sai sabon akwati ya buɗe, kuma duk wadda za a nuna wa tallar dole ne ta dace da wani abu a akwati na farko, ta kuma dace da wani abu a na biyu. Kowane hawa yana yanke kaso ne daga abin da hawan baya ya rage, shi ya sa adadin yake faɗuwa da saurin da mutum bai yi zato ba.

Mu koma ga mai leshi da matanta 600,000. Hawa na farko ta sa sha'awar kayan sawa da kwalliya, a ƙaddara kashi 30 cikin ɗari ne suka dace, saura 180,000. Hawa na biyu ta ce dole kuma su kasance masu sha'awar bukukuwan aure, domin tana tunanin masu haɗa lefe da masu anko, a ƙaddara kashi 20 na waɗancan ne suka rage, wato 36,000. Hawa na uku ta ƙara ɗabi'ar Engaged Shoppers, wadda Meta ta fassara da mutanen da suka danna maɓallin Shop Now a cikin makon da ya wuce, a ƙaddara rubu'i ne suka tsira, saura 9,000. Kowane mataki a kan kansa yana da hujja mai kyau, amma ukun tare sun zubar da mata 591,000.

Daga nan lissafin kasafi yake shigowa. Idan CPM naira 1,500 ne, naira 70,000 za ta sayi nuni kusan 46,700 a mako. Adadin 9,000 kuwa kintace ne na asusun da suka dace, ba dukansu ne suke buɗe manhaja a wannan makon ba, kuma ba a kowane gwanjo ake yin nasara ba, don haka a ƙaddara 6,000 ne za a iya kai wa. Ma'aunin maimaici a rahoto, wato Frequency, ana samun sa ne ta raba yawan nuni, wato Impressions, da yawan mutanen da tallar ta kai wa, wato Reach, kamar haka:

```
Frequency = Impressions / Reach
46,700 / 6,000 = 7.8
```

Wato kowace mace za ta ga leshi ɗaya kusan sau takwas a mako guda. Wadda za ta yi magana ta riga ta yi a gani na biyu ko na uku, sauran kuma sun fara wucewa da sauri, wasu ma su danna Hide ad, abin da yake rage darajar ingancin tallar a gwanjo. Kintacen na'ura na yiwuwar a yi magana yana sauka, don haka sai ta ƙara tayi kafin ta ci gurbin da jiya ta ci da araha, CPM ya tashi. Ga kuma bukatar hira 50 a mako, wadda yanzu take nufin mace ɗaya a cikin kowace 120, kuma a wata guda ana bukatar hira 200 daga cikin mata 6,000 ɗin nan dai, wato ɗaya cikin 30. Rukunin ba zai fita daga koyo ba, rashin fitarsa yana sa kintace ya zama na lalube, kintacen lalube kuma yana ƙara tsada, tsadar ta sake rage sakamako. Wannan zagayen ne ake nufi da durƙushewar rabon talla, kuma yakan ɗauki kwanaki kaɗan ne kawai, galibi bayan kwana biyu ko uku masu daɗi waɗanda suke yaudarar mai talla ya ɗauka ya gano sirri.

Akwai matsala ta biyu da ta fi ta adadi zurfi, ita ce abin da hawan yake tacewa a haƙiƙa. Sha'awa a wurin Meta lakabi ne da na'ura ta liƙa wa mutum bisa shafukan da ya bi da abubuwan da ya danna ko ya kalla. Hajiyar da take haɗa lefen ɗanta, wadda za ta ɗauki leshi goma a rana ɗaya, mai yiwuwa ba ta taɓa bin wani shafi na bukukuwan aure ba, kuma ba ta taɓa danna Shop Now ba domin cinikinta a WhatsApp da kiran waya yake ƙarewa. Ɗalibar da take kallon hotunan amare da daddare kuwa tana ɗauke da lakabin duka uku. Rariyar da aka sa tana riƙe waɗanda suka bar sawu mai yawa a manhaja ne, ta zubar da waɗanda ba su bari ba, kuma a kasuwar da ciniki yake gudana ta hira da tura kuɗi ta banki, manyan masu saye da yawa suna cikin waɗanda aka zubar. Ƙari a kan haka, mutanen da suke da lakabin saye su ne kowane mai talla yake nema, daga masu sayar da waya har masu manhajar bashi, don haka gwanjonsu ya fi zafi.

Lakabin kansu ma ba abin jingina ba ne na dogon lokaci. Tun da Apple ya fito da iOS 14.5 a watan Afrilun 2021, wanda ya sa manhajoji neman izini kafin bin sawun mai waya, bayanan da Meta take samu daga wajen manhajojinta sun ragu a kan masu iPhone. A watan Janairun 2022 Meta ta cire zaɓuɓɓukan da suka shafi addini da lafiya da siyasa da ƙabila, sannan a 2024 ta fara janye damar cire mutane daga talla bisa sha'awarsu. Wanda ya gina tallarsa a kan hawa uku yana iya wayar gari ya tarar an janye ɗaya daga cikinsu.

Sannan akwai hawan da ba a lissafa su a matsayin hawa. Zaɓen harshen Hausa a akwatin Languages yana kama da abu mai kyau ga mai tallar Hausa, amma Hausawa da yawa suna amfani da manhajar a saitin Ingilishi, don haka zaɓin yana iya yanke masu sayen da ake nema, alhali rubuta tallar da Hausa ya wadatar wajen tacewa. Dasa alama a taswira da da'irar kilomita 2 ko 3 wani hawa ne, matse shekaru zuwa 25 zuwa 30 wani ne, zaɓen Instagram Stories kaɗai a Placements, wato guraben da talla take fitowa, wani ne, haka ma taƙaitawa ga masu iPhone ko masu Wi-Fi. Waɗannan sukan fi sha'awa illa, domin ko a inda na'ura take da izinin wuce sha'awa, ba ta wuce iyakar wuri da harshe da gurbin da aka ƙayyade mata.

Duk da haka hanyar tana da inda take aiki. Idan tushen jama'ar miliyoyi ne, kamar mai tallar da ya ɗauki Najeriya gaba ɗaya, hawa ɗaya yana iya barin dubban ɗaruruwa, kuma hakan ba laifi. Haka nan idan hajar ta wasu ƙalilan ce, kamar manhajar lissafin kanti, haɗa sha'awar kasuwanci da ɗabi'ar masu kula da shafukan kasuwanci yana da ma'ana, muddin kasafin ya yi daidai da ƙanƙantar taron.

Hanya ta huɗu: jama'ar da aka gina daga masu sayenka

Custom Audience yana tattara mutanen da suka riga suka taɓa hulɗa da mai talla, ko dai daga jerin lambobin wayar abokan ciniki, ko waɗanda suka yi mu'amala da shafinsa na Facebook ko Instagram har zuwa kwana 365 baya, ko waɗanda suka kalli bidiyonsa. Daga wannan ake gina Lookalike Audience, inda na'ura take nemo masu kama da su a cikin ƙasa, daga kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari. Mafi ƙarancin tushe mutum 100 ne daga ƙasa ɗaya, amma Meta tana ba da shawarar 1,000 zuwa 5,000.

Fifikon wannan hanya shi ne ta dogara da abin da mutane suka aikata da hajar kanta. Tsoffin masu hulɗa sukan ba da hira mafi araha, amma taronsu ƙarami ne, yana ƙonewa da wuri idan aka zuba masa babban kasafi, don haka ƙaramin kaso ya kamata a ba shi. Tarkon masu kama kuma shi ne ana lissafa kason ne a kan ƙasa duka, don haka idan mai leshi ta ɗauki kashi 1 na Najeriya sannan ta matse shi zuwa matan Kano, abin da zai rage zai yi ƙanƙanta, idan ta ƙara sha'awa a kansa kuma ta faɗa ramin hanya ta uku. Gara ta ɗauki kashi 3 zuwa 5 ta bar shi haka. Ita ce hanya mafi wahalar kafawa, domin tana bukatar jerin lambobi mai tsabta wanda masu shi suka yarda a yi amfani da shi.

| Hanya | Farashi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Buɗaɗɗiya | CPM mai sauƙi, hira takan yi arha bayan koyo | Mafi tsawo | Mafi sauƙi | 'Yan kallo a farko idan tallar ba ta tace ba |
| Tarin sha'awa a akwati ɗaya | Matsakaici | Matsakaiciya | Mai sauƙi | Ba a sanin sha'awar da ta yi aiki |
| Ƙuntatawa hawa-hawa | Arha a kwanakin farko, sannan ya tashi | Gajera | Tana son kulawa kullum | Durƙushewa, da zubar da masu saye na gaske |
| Masu hulɗa da masu kama da su | Arha ga tsoffin masu hulɗa | Gajera ga tsoffi, matsakaiciya ga masu kama | Mafi wahala | Ƙaramin tushe, ko matsewa da wuri |

Yadda ake gane an matse da yawa

Durƙushewa tana zuwa da fuska biyu. A ta farko talla ba ta cin kasafinta, an ware naira 10,000 amma da dare Amount spent yana nuna naira 2,500. A ta biyu tana cinye kuɗin tas, amma Reach ya daina ƙaruwa daga rana zuwa rana, Frequency yana hawa, CPM yana hawa, hira tana raguwa. Hanya mafi sauƙi ta gani ita ce a buɗe Breakdown a raba rahoton rana-rana, a ajiye waɗannan ginshiƙai kusa da juna. Idan Impressions yana ƙaruwa Reach kuma ya tsaya, jama'ar ce ta ƙare. Idan Reach yana ƙaruwa amma ba a magana, laifin na hoto ne ko farashi, faɗaɗa jama'a ba zai gyara shi ba.

Kafin a ɗora wa ƙuntatawa laifin rashin cin kasafi, a duba abubuwa uku da suke kama da shi: ko kuɗin asusu ya ƙare ko katin ya ƙi biya, ko an ƙi amincewa da tallar, ko kuma an sa Cost per result goal ko Bid cap, wato iyakar kuɗin kowane sakamako ko ta tayin gwanjo, ƙasa da farashin kasuwa. Na ƙarshen nan idan ya haɗu da ƙaramin taro shi ne mafi saurin tsayar da talla, domin an hana na'ura neman wasu mutane, an kuma hana ta ƙara tayi a kan waɗanda take da su.

Akwai kuma matsewar da mutum yake yi wa kansa ta hanyar rarraba kasafi. A ƙaddara hira ɗaya tana cin naira 700, to naira 70,000 a rukuni ɗaya za ta kawo hira 100 a mako, ninki biyu na abin da koyo yake bukata. Idan mai leshi ta raba kuɗin ga rukunai huɗu domin ta gwada sha'awa huɗu, kowanne zai sami hira 25, babu wanda zai fita daga koyo. Idan kuma mata ɗaya ne suke cikin rukunan, Meta ba ta barin tallace-tallacen mutum ɗaya su yi takara da juna a gwanjo guda, takan shigar da ɗaya ta ajiye sauran, sai a ga wani rukuni yana ci wani yana zaune. Wanda yake son gwaji na gaskiya ya yi amfani da A/B test, wanda yake raba jama'a ba tare da cuɗanya ba, kuma ya gwada abu biyu kawai.

Wajen gyara, a fara cire hawa na ƙarshe, musamman na ɗabi'a, sannan a duba harshe da gurbi da faɗin da'ira, a kuma haɗe rukunai masu kama da juna. Sai dai a yi gyaran duka a zama ɗaya, domin sauya jama'a ko hoto ko abin da ake nema yana mayar da rukunin farkon koyo, kuma wanda yake taɓa saiti kowace safiya ba zai taɓa ganin rukunin da ya gama koyo ba. Bayan gyara a bar shi mako guda kafin a yanke hukunci.

Wace hanya ce ta wa

Mai haja irin ta kowa da kowa a gari ɗaya, kamar leshi ko turare ko abinci, wanda kasafinsa bai wuce na mai leshin nan ba, ya ɗauki buɗaɗɗiyar hanya da rukuni ɗaya, ya sa farashi da wurin kai kaya a jikin tallar, domin garin da jinsin da ya zaɓa sun riga sun zama hawa biyu. Sabon asusu da yake tallata wa jihohi da dama, wanda bai yarda ya saki komai ba tukuna, ya tara sha'awa uku zuwa biyar masu dangantaka a akwati ɗaya, ya bar na'ura ta wuce su idan ta ga dama. Ƙuntatawa ta dace da mai haja ta musamman wanda tushen jama'arsa ƙasa ce sukutum, kuma ko shi hawa ɗaya ya ishe shi, bayan ya raba nunin da kasafinsa zai saya a mako da adadin mutanen da suka rage ya ga amsar ba ta wuce biyu ko uku ba. Wanda ya riga ya tara abokan ciniki dubu ko fiye, ko shafinsa yana da masu hulɗa da yawa, ya ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kasafinsa ga tsoffin masu hulɗa, sauran ya ba masu kama da su ko buɗaɗɗiyar hanya. Mai tallar ɗan gajeren lokaci kuwa, kamar kayan sallah da za a sayar cikin kwana goma, ba shi da lokacin gyara rukunin da ya durƙushe, don haka ya haɗa kasafinsa wuri ɗaya a kan taro mai faɗi tun ranar farko.